Zuma da tarin hunturu

Idan hunturu ya kankama, tari ne ke hana yara barci, uwa kuma ta kwana a zaune tana shafa ƙirji. A cikin magungunan gida, zuma ce aka fi bincika. Gwaje-gwajen da aka yi kan yara masu mura sun nuna cewa ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya yana rage tarin dare fiye da barin yaro haka nan. Ba ta kashe ƙwayar cutar mura, maƙogwaro kawai take lulluɓewa ta kwantar da ƙaiƙayi. A lasa, ko a dama a ruwan ɗumi da lemun tsami.

Amma kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko ɗigo. Zuma kan ɗauki wata ƙwaya da ke tsirowa a hanjin jariri ta saki dafi, sai ciki ya ɗaure, tsotso ya yi rauni, wuya ya saki.

Sirace kuwa, bincike bai gano amfani mai ƙarfi a cikinsa ba, ƙunar ruwan zafi ce ake ta gani a jikin yara. Ni ba na lulluɓe yaro a kan tukunya.

Babba mai ciwon maƙogwaro ya zuba rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofin ruwan ɗumi, ya kurkure ya tofar. Tarin da ya wuce mako biyu, ko ya zo da jini ko haki, na asibiti ne.