Daga Gadon Asibiti Zuwa Ƙofar Gida: Yadda Ake Mayar da Dattijo Bayan Tiyata

Ranar da likita ya ce an sallami Baba, murna kan sa iyali su manta cewa akwai sauran aiki a gaba. Wani ya naɗe tabarma, wata ta haɗa kwanuka, sai a tura yaro bakin titi ya tsayar da duk abin hawan da ya samu. Nan ne ake yin kuskure. Ɗinkin da bai wuce mako guda ba fatarsa ce kawai ta fara haɗewa, naman ciki yana buƙatar makonni kafin ya yi ƙarfi, kuma jikin ɗan shekara 70 ba ya jure jijjiga da zaman jira kamar na saurayi.

A ɗauki misalin dattijon da aka yi wa aikin toshewar fitsari a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka sallame shi da ɗinki a mara da robar fitsari a jiki, gidansa kuma yana wani ƙauye gaba da Gaya. Tafiyarsa ta ƙunshi cunkoson cikin birni, da babban titin Maiduguri har Wudil, sannan hanyar burji a ƙarshe. Kowane kashi da irin wahalarsa.

Wahalar farko tana cikin asibitin ma, tun mota ba ta tashi ba. Sallama ba ta ƙarewa da maganar likita a lokacin zagayen safe. Sai an rubuta takarda, an biya ragowar kuɗi, an karɓo magani, an kuma sami ranar dawowa, kuma kowane wuri da layinsa. Iyalai da yawa sukan sauko da marar lafiya daga gado tun da hantsi, su ajiye shi a benci a baranda har azahar. Ga wanda aka yi wa aiki a mara, zama a kan katako yana danna wurin, ga mai ciwon suga kuma jinkirin abinci na iya sa sugansa ya faɗi. Abin da ya fi shi ne mutum ɗaya ya bi takardu daga farko har ƙarshe, Baba yana kwance a gadonsa. Sai komai ya kammala, mota ta tsaya a ƙofar da ta fi kusa, sannan a nemi keken marasa lafiya a gangaro da shi.

Kafin tashi akwai tambayoyin da ya kamata a yi wa nas. Yaushe ya sha maganin ciwo na ƙarshe? Mafi yawan ƙwayoyin ciwo da ake haɗiya sukan ɗauki minti 30 zuwa awa guda kafin su kama jiki, saboda haka a daidaita fita da wannan lokaci, ba tare da ƙara ƙwaya a kan abin da aka rubuta ba. A zubar da abin da ke cikin jakar fitsari, a manne robar a cinya da filasta don kada ta fizgu. A kuma bar shi ya zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe, domin tsoho da ya kwana biyu a kwance jiri kan ɗebe shi idan ya tashi farat ɗaya.

Sai zaɓen mota. Babur ba ya cikin lissafi, haka ma Adaidaita Sahu, wadda ƙananan tayoyinta ke miƙa wa fasinja kowane rami kai tsaye. Motar haya ta tasha tana da aibi biyu: jiran ta cika, da matse mutane a kujera ɗaya. Doguwar mota irin Hilux kuwa hawanta sai an ɗaga ƙafa sama an yunƙura, yunƙurin nan kuma naman ciki ne ke yin sa. Ƙaramar mota ta gida ko wadda aka yi shata, mai lafiyayyen shokazoba, ita ce daidai. A sha mai tun jiya, a duba taya, kada a shiga layin gidan mai da marar lafiya a ciki.

Wurin zamansa kujerar gaba ce, kusa da direba. A tura ta baya iyakarta, a ɗan kwantar da majinginta. Ya fara juya baya ya zauna, sannan a taimaka a shigar da ƙafafunsa tare. Kada a cire masa bel don tausayi, domin birki ɗaya na gaggawa ya fi matsin bel haɗari. A saka ƙaramin matashi ko naɗaɗɗen tawul tsakanin bel da ɗinkin, ya riƙa danna shi da hannu idan tari ya zo ko an kusa gargada. Jakar fitsari ta kasance ƙasa da mararsa koyaushe, a gefen ƙafa, ba a kan cinya ba, don kada fitsari ya koma ciki, kuma a tabbata robar ba ta lanƙwashe ba.

Hanya ma zaɓenta ake yi, har da rana da sa'a. Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, kuma duk wanda ya saba bin hanyar ya san yadda motocin shanu da 'yan kasuwa ke cika ta. Idan sallama ta faɗo ranar, a tattauna da likita ko za a iya fita da wuri. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, tafiyar tsakar rana tana busar da tsoho, shi kuwa mai robar fitsari ana so ya sha ruwa sosai. Da damina a kira wani a ƙauye a ji halin da burjin ke ciki, kuma idan akwai zagaye mai kwalta, ƙarin kilomita 15 a kan santsi ya fi gajeriyar hanya mai ramuka. Direba ya rage gudu tun kafin ya isa tudun rage gudu ko rami, ya saki birki, ya haye a hankali.

In tafiya ta wuce awa guda, a tsaya a inuwa ya sauko ya ɗan taka na minti biyar. Bayan tiyata jini ya fi saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa, dogon zama kuma yana ƙara wannan haɗari. Ko yana zaune, ya riƙa motsa tafin ƙafarsa sama da ƙasa.

Mai rakiya ya zauna a bayansa, idonsa a kan jaka da bandeji. Fitsari mai ɗan ja-ja kaɗan ba abin tsoro ba ne bayan irin wannan aiki. Amma idan ya koma ja wur da gudaji, ko ya daina sauka alhali mara tana kumbura tana ciwo, ko bandeji ya jiƙe da jini, ko numfashi ya fara sarƙewa da ciwon ƙirji, to a nufi asibiti mafi kusa, Wudil ko Gaya, da takardar sallama a hannu.

A gida, a sa wani ya riga su isa. A buɗe hanyar da mota za ta kai bakin zaure, a shirya gado mai ɗan tsayi maimakon katifa a ƙasa, domin tashi daga ƙasa yana wahalar da mai ɗinki. 'Yan dubiya su yi haƙuri ya huta tukuna. Kafin direba ya juya, a gaya masa ranar komawa cire zare ko robar, domin wannan hanyar za a sake bi da Baba nan da 'yan kwanaki.