Za ka bar aiki mai tsoka? Ga yadda ake faɗin dalili ba tare da ɓata kowa ba

A wannan zamani da masu digiri ke yawo da takardunsu ofis-ofis, duk wanda ya ce zai ajiye aikin da albashi ke shigowa kowane ƙarshen wata sai ya sha tambaya: me ya yi zafi? Masu ganawar ɗaukar sabon aiki za su tambaye shi, shugabansa zai tambaye shi, a gida ma ba zai tsira ba. Inda mutane da yawa ke yin tuntuɓe shi ne su mayar da amsar ta zama ƙarar wurin da suke ci suke sha.

Mu ɗauki misalin ma'aikacin banki a Kano. Shekara shida ke nan yana kan kanta yana karɓar kuɗi yana biya, sai wani kamfanin sarrafa shinkafa ya nemi akanta. Abin da ke cin ransa shi ne ba a yi masa ƙarin girma ba, manajansa mai faɗa ne, kuma sau da yawa sai bayan isha'i yake isa gida. Duk wannan gaskiya ne. Amma da zarar ya ce wa masu ganawa, "Manajanmu ba shi da adalci," ya cuci kansa. Su ba su san manajan ba, ba kuma za su ji ta bakinsa ba. Abin da suka gani da idonsu kawai shi ne mutumin da ke ambaton shugabansa da sharri a gaban baƙi, sai su ƙiyasta cewa gobe su ma haka zai yi musu. Ga shi kuma yawanci wurin da ya baro ɗin za a tuntuɓa a ji halinsa.

Amsar da ta fi masa ita ce wadda ta fuskanci inda zai je. Zai iya cewa: "Ranka ya daɗe, na yi shekara shida a banki, a can na koyi riƙon amanar kuɗi da daidaita lissafi kullum kafin a tashi. Yanzu ina so in riƙe littattafan kamfani gaba ɗaya, tun daga sayen shanshera har biyan albashi da haraji, kuma kujerar da nake kai ba ta ba da wannan damar." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Rashin ƙarin girman yana nan a cikin maganar, sai dai an ɗora shi kan iyakar kujera, ba kan halin wani mutum ba.

Masu ganawa sukan tono da gangan: "To, babu wata matsala tsakaninka da su?" Kada ka ce babu in akwai, don ƙarya tana fitowa. Faɗi abin da za a iya tabbatarwa, ka bar hukunci. "An yi wata uku ba a biya albashi ba, ni kuma ina da iyali" bayani ne da kowa zai fahimta. "Azzalumai ne" zagi ne. In kuwa abin ya kai ga cin zarafi ko tauye haƙƙi, a ganina bai kamata a haɗiye shi da sunan kawaici ba. Wurin kai shi sashen kula da ma'aikata ne, ko ƙungiyar ƙwadago, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ba teburin ganawa ba.

Shi kuwa shugabanka, ya ji daga bakinka kafin ya ji a bakin abokan aiki. Takardar ajiye aiki ta zama gajeriya: ranar da za ka tafi, godiya, da alkawarin miƙa aiki ga wanda zai gaje ka. Tana shiga fayil, kuma abin da ka rubuta cikin fushi zai daɗe a can bayan ka huce. Duba takardar ɗaukarka aiki ka ga wa'adin sanarwa. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya sa mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye, amma yarjejeniyarka tana iya neman fiye da haka.

A gida ne aka fi jarabtuwa da ɓata oga, domin ita ce hanya mafi sauƙi ta samun goyon bayan iyaye. Alhali abin da ke damun Baba shi ne fansho. Sai ka kwantar masa da hankali da hujja: a tsarin Dokar Gyaran Fansho ta 2014, ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aiki na zuba aƙalla kashi 10, asusun kuma da sunanka yake, yana bin ka duk inda ka koma. Wasu jihohi suna da nasu tsarin daban, don haka in kai ma'aikacin jiha ne, je ofishin fansho ka tambayi matsayin shekarunka kafin ka miƙa takarda.