Saƙon da Ya Zo Ba Sallama

Wani ɗalibi ya aika wa kawunsa saƙo ta waya: “Turo min kuɗin makaranta yau.” Shiru, ba amsa. Yaron bai yi nufin raini ba, amma rubutu ba shi da murya, ba ya nuna durƙuso ko sunkuyar da kai. Kawu ya buɗe waya, abin da ya fara cin karo da shi umarni ne, daga bakin ɗan da ya goya.

Gyaran yana cikin jerin maganar. A fara da sallama, a ambaci mutum da sunan girmamawa, a tambayi lafiya. Sai dalili ya biyo baya, buƙata ta zo ƙarshe. “Turo” kuwa ya koma “a taimaka”, domin wannan “a” ɗin yana kawar da nuna babba da yatsa. Kalmar “yau” ita ma tana da kaifi. Gara a faɗi ranar da makaranta ta sa, kawu ya auna da kansa.

“Assalamu alaikum Kawu, an wuni lafiya? Ya iyali? Makaranta ta ce ranar Juma'a za a rufe biyan kuɗi. Don Allah a taimaka mini idan da hali. Allah ya ƙara girma.”

Idan na farkon ya riga ya tafi, kada a wayance. A kira shi, a gaishe shi, a ba shi haƙuri, sannan a kawo maganar kuɗin.