Alat Ya Riga Kuɗi Isowa

Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya tura naira dubu 50 daga bankinsa zuwa asusun dillalinsa a wani banki, kafin ya mayar da waya aljihu alat ya shiga can. Sai dai a wannan lokacin ko kwabo bai bar bankin farko ba. Saƙo ne ya tafi.

Tsakanin bankunan Najeriya akwai kamfanin NIBSS, mallakar Babban Banki da bankunan kasuwanci. Shi ke gudanar da tsarin NIP, wanda aka fara a 2011, kuma ta nan yawancin tiransifa ta waya ke bi. Da ka rubuta lambobi goma na asusun, bankinka zai tambayi wancan bankin ta hannun NIBSS: na wane ne? Amsar ita ce sunan da ke fitowa a fuskar wayarka. Kana amincewa, sai ya cire kuɗin daga asusunka ya aika umarni, wancan kuma ya zuba wa mai asusun daga aljihunsa, bisa yardar za a biya shi.

Biyan yana zuwa daga baya, a dunƙule. A ce mutanen banki na farko sun tura wa na biyu miliyan 900, na biyun kuma sun turo miliyan 850. Ba wanda zai kwashi duka. NIBSS zai yi lissafi, a cire bambancin miliyan 50 kawai daga asusun banki na farko da ke Babban Banki a mayar wa na biyu, kamar maƙwabta biyu a kasuwa da ke karɓar kaya a hannun juna, sai yamma su zauna su ga wa ke bin wa.

To me ke sa wata tiransifa ta kwana? Sau da yawa ta tsohuwar hanya ta bi, wato NEFT. A nan ba a aika saƙo ɗaya-ɗaya. Tara su ake yi, a tura rukuni-rukuni a lokutan da aka tsayar, a ranakun aiki kaɗai, shi ya sa abin da aka tura da yammacin Juma'a kan kai Litinin. Wasu ma'aikatu ta nan suke biyan albashi, don ta dace da biyan mutane da yawa a tashi ɗaya.

Wani jinkirin kuwa matsala ce zalla, wadda muke jingina wa “netwok”. An cire kuɗinka, umarni ya tafi, amma na'urar wancan bankin ta cushe ba ta amsa cikin lokaci ba. Bankinka bai san ko an zuba ko ba a zuba ba, sai ya riƙe har ya tabbatar. Kada ka yi gaggawar sake turawa, don kana iya biya sau biyu. Nemi lamba mai suna Session ID a rasit ɗinka, lambobi 30 ne, ka ba bankinka. Da ita ake gano inda saƙon ya maƙale, a ƙarasa shi ko a mayar maka da kuɗinka.