Inda Ya Kamata Shingen Asara Ya Zauna

Duk wanda ya taɓa buɗe ciniki a manhajar MetaTrader ya san wani ɗan gurbi da aka rubuta wa Stop Loss. Farashin da ka saka a wurin umarni ne ga dillali cewa idan kasuwa ta juya maka baya ta kai nan, ya rufe cinikin ko kana barci. Shi ne shingen asara. Yawancin matasanmu da ke cinikin kuɗaɗen waje ta waya sun yarda cewa dole ne a saka shi, amma wurin sakawar ne ake yin tuntuɓe. Za ka ji mutum ya ce, "Ni dala goma kawai zan iya rasawa," sai ya ja layin a kan allo har manhajar ta nuna masa dala goma cif, ya sake shi a nan. A ganinsa ya yi taka-tsantsan, alhali ya ajiye shingensa ne a inda aljihunsa ya zaɓa, wurin da ba shi da wata alaƙa da abin da farashi yake yi.

Farashi ba ya tafiya a miƙe. Ko lokacin da yake hawa, sai ya hau ya ɗan sauko, ya sake hawa ya sake saukowa. Kowane wurin da ya sauko ya tsaya sannan ya juya sama yana barin wani gindi a kan zanen farashi, kowane wurin da ya ƙure hawa ya juyo kuma yana barin ƙololuwa. Waɗannan gindaye da ƙololuwoyi su ne tsarin kasuwa. Idan kowane sabon gindi ya ɗara na baya tsawo, ana cewa kasuwa tana hawa, kuma wanda ya saya, hujjarsa ke nan. Muddin farashi bai faɗo ƙasa da gindin ƙarshe ba, hujjar tana nan, komai yawan girgizar da ake yi a samansa. Ranar da ya ratsa gindin ya wuce, dalilin shiga cinikin ya rushe, babu sauran abin zama. Saboda haka wurin da ya dace da shingen asara shi ne bayan wannan gindin. Mai gini a bakin kogi yakan duba alamar inda ruwa ya saba kaiwa da damina ya ja da baya, ba ya cewa tubalina nan suka ƙare don haka nan zan kafa katanga.

Mu ɗauki misali na koyarwa da EURUSD, wato Yuro da Dalar Amurka. Ana auna motsinsu da fif, shi ne lamba ta huɗu bayan ɗigo, don haka daga 1.0860 zuwa 1.0850 fif goma ne. Idan ka buɗe lot 0.01, kowane fif ɗaya santi goma ne, riba ko asara. Lot 0.10 kuma dala ɗaya ce a kowane fif.

A ce mutum biyu ne, kowanne da dala 500 a asusunsa, kuma kowanne ya ƙudura ba zai rasa fiye da kashi biyu cikin ɗari a ciniki guda ba, wato dala 10. Suna kallon zanen H4, inda kowane kyandir yake wakiltar awa huɗu. Farashi yana 1.0860, gindin ƙarshe kuma yana 1.0822. Dukansu sun saya.

Na farko ya fara ne da girman ciniki. Ya buɗe lot 0.05 domin shi ya saba buɗewa, kowane fif yana cin santi hamsin. Da wannan girman, dala 10 ba za ta ba shi fiye da fif 20 ba, sai shingensa ya faɗa a 1.0840. Ka dubi wurin da kyau: fif 18 ne a saman gindin, a tsakiyar filin da farashi yake ta kai-kawo tun jiya. Farashi zai iya saukowa ya taɓa shi ba tare da komai ya canza a tsarin kasuwar ba.

Na biyu ya fara da zanen. Ya ga gindin a 1.0822, amma bai ɗora shingen a kansa daidai ba, domin farashi kan leƙa ƙasan tsohon gindi kaɗan sannan ya dawo. Yana buƙatar ɗan sarari, kuma akwai ma'aunin da zai gaya masa nawa. Sunansa ATR, yana cikin kowace MetaTrader, kuma J. Welles Wilder ne ya fito da shi a 1978. Aikinsa shi ne nuna matsakaicin tsawon kyandirori, galibi 14 na baya-bayan nan. A ce ya nuna fif 24. Mutumin ya ɗauki rabinsa, fif 12, ya cire daga gindin, shingensa ya zauna a 1.0810. Daga wurin shiga zuwa nan fif 50 ne. Sai yanzu ya waiwayi aljihunsa ya yi lissafi:

```
lot = 10 ÷ (50 × 10) = 0.02
```

Goman farko ita ce dalar da ya yarda ya rasa, hamsin nisan shingen ne, goma ta biyu kuma darajar fif ɗaya ce a cikakken lot na EURUSD. Amsar ita ce lot 0.02, inda kowane fif yake santi ashirin. Idan aka taɓa shingensa, dala 10 zai rasa, daidai da ta abokinsa.

Wannan ne abin da nake so mai karatu ya riƙe, domin mutane da yawa suna jin tsoron shinge mai nisa, suna zaton ƙarin asara ne. Kasadarsu a kuɗi ɗaya ce. Bambancin yana cikin jerin matakai: ɗaya ya zaɓi lot sannan ya tilasta wa shinge ya matso, ɗayan ya bar zanen ya nuna wurin shinge sannan ya rage lot har lissafi ya daidaita. Shingen na farko ma bai kai tsawon kyandir guda na yau da kullum ba, tunda ATR yana 24 shi kuma ya bar 20. Idan farashi ya sauko 1.0830 ya juya ya haura 1.0960, na farko ya riga ya fita da asara yana kallon kasuwa tana tafiya inda ya hango, na biyu kuma ya samu fif 100, dala 20. Idan kuma farashi ya ratsa gindin ya ci gaba da faɗuwa, dukansu sun rasa dala goma-goma. Wannan ma yana faruwa sosai, domin shinge mai kyau ba ya hana hasashe ya zama kuskure.

Akwai wani tarkon da ya danganci lambobi masu cika, irin su 1.0800 ko 1.1000. Ido yana son su, don haka umarni yakan taru a kusa da su. Carol Osler, masaniyar tattalin arziki da ta yi aiki a reshen New York na Babban Bankin Amurka, ta bibiyi ainihin umarnin da abokan ciniki suka ba wani babban banki, ta wallafa sakamakon a 2003. Ta gano cewa umarnin ɗaukar riba yana cunkushewa a kan cikakkun lambobi, umarnin tsayar da asara kuma a ɗan bayansu. Idan farashi ya kutsa cikin irin wannan cunkoso, kowane shingen da ya tashi yana zama sabon umarnin sayarwa da ke ƙara tura shi ƙasa. Shi ya sa idan lissafinka ya kai ka dab da bayan cikakkiyar lamba, gara ka ƙara nisa ka ƙara rage lot.

Wanda ya sayar kuma, nasa shingen yana saman ƙololuwa ta ƙarshe, amma da wani ƙarin da ake yawan mantawa. Farashi biyu ne a kasuwa, Bid da Ask, kuma zanen MetaTrader na kuɗaɗen waje da Bid ake zana shi. Cinikin sayarwa kuwa da Ask ake rufe shi, wanda kullum yake sama da Bid. Saboda haka mutum zai iya ganin kyandir bai kai layinsa ba amma an fitar da shi, ya ɗauka cuta aka yi masa. Sau da yawa tazarar da ke tsakanin farashin biyu ce ta buɗe, musamman da ƙarfe biyar na yamma agogon New York, wato goma ko sha ɗaya na dare a Kano da Zinder, lokacin da ranar ciniki take juyawa kuma masu saye da sayarwa suke ƙaranci. Mai sayarwa sai ya haɗa wannan tazarar cikin sararin da zai bari.

Hanyar gane ko shingenka yana zama a wurin da bai dace ba tana da sauƙi, in dai kana ajiye tarihin cinikinka. Ka koma kan waɗanda aka fitar da kai, ka dubi kowanne: shin farashi ya karya gindin da ka dogara da shi, ko kuwa ya taɓa layinka ne kawai ya juya gindin yana nan lafiya? Idan na biyun ne ya fi yawa, matsalar a wurin ajiye shinge take. Idan na farkon ne, shingen ya yi aikinsa, sai ka binciki yadda kake zaɓar lokacin shiga. Ka kuma tabbatar gindin da kake amfani da shi na zanen da ka yi nazari a kansa ne. Wanda ya ga dama a H4 sannan ya gangara zanen minti biyar ya nemo ƙaramin gindi don shinge ya matso, dabarar dala goma ce ya sake yi ta wata ƙofa.

Wani lokaci lissafin zai ce maka kada ka shiga, kuma a ganina nan ne ya fi amfani. Mai dala 100 da ke bin kashi biyu cikin ɗari, dala 2 ce kasadarsa. A shinge mai nisan fif 50, lot ɗin da ya dace da shi 0.004 ne, alhali mafi ƙanƙantar da yawancin dillalai suke bari 0.01 ne, wanda zai ci masa dala 5. Zaɓinsa shi ne ya jira farashi ya matso kusa da gindin don nisan ya ragu, ko ya koma asusun santi inda ake iya buɗe ƙasa da haka, ko ya haƙura da cinikin. Haka nan idan ƙololuwar da yake hari tana nisan fif 30 kawai shinge kuma yana 50, ribar ba ta kai a yi mata wannan kasadar ba.

Akwai iyakar da ko shinge mafi kyau ba ya tsallakewa. Idan farashi ya kai layin, dillali yana rufe cinikin ne a farashin da ya samu a lokacin, wanda zai iya zama ƙasa da wanda ka rubuta. A ranakun da aka saba bambancin ɗan kaɗan ne, amma a buɗewar kasuwa bayan hutun ƙarshen mako, ko lokacin fitar rahoton ayyukan yi na Amurka, farashi kan yi tsalle ya wuce layin. A ranar 15 ga Janairun 2015, Babban Bankin Suwizalan ya janye ƙa'idarsa ta hana Yuro faɗuwa ƙasa da faran 1.20 ba tare da gargaɗi ba. Mutane da yawa sun jera shingayensu a ɗan ƙasan wannan lamba, tunda ita ce gindi mafi bayyana a zanen EURCHF. Cikin mintuna farashi ya rufta, babu mai saye a kusa, aka rufe cinikinsu can nesa da inda suka saka, wasu har asusunsu ya koma bashi, kamfanin dillanci na Alpari UK kuma ya durƙushe a sanadin haka.