Sabar gida a Birni: abin da ke sa adireshi ya daina aiki, da yadda suna ke maye gurbinsa

Masu kunna sabar a gida, wato na'urar da wasu ke shiga daga nesa don ɗauko darussa, hotuna ko yin wasa tare, sukan gamu da matsala iri ɗaya. Jiya kowa ya shiga lafiya, yau kuma abokai na ta kira cewa hanyar ta toshe, alhali na'urar na kunne kuma ba a taɓa komai ba. Galibi sabar ba ta lalace ba. Adireshin gidan ne ya canza a intanet, su kuma abokan suna ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa.

A ɗauki misalin wani ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram da ke zaune a unguwar Birni. Ya tara darussa da tsofaffin takardun jarrabawa a wata tsohuwar kwamfuta, ya buɗe ƙofa mai lamba 8080 a akwatin intanet na gidansu, ya aika wa abokansa na Maraɗi da Yamai wannan adireshi: `http://203.0.113.45:8080`. Kowa ya adana shi a salularsa. Bayan kwana uku wuta ta ɗauke da dare, akwatin ya mutu ya sake tashi, kamfanin sadarwa ya ba shi sabuwar lamba, `203.0.113.172`. Tsohuwar lambar ta koma rumbun kamfanin, mai yiwuwa ma an miƙa ta ga wani gida. Abokin da ke da jarrabawa washegari ya danna abin da ya adana, shafi ya yi ta juyawa har ya gaji.

Dalilin shi ne, lambar da ake kira adireshin IP aro ce. Tsarin IPv4 yana da lambobi kimanin biliyan 4 da miliyan 300 kawai ga duniya baki ɗaya, kuma babban rumbunsu ya ƙare tun watan Fabrairun 2011. Kamfanonin Afirka na karɓar rabonsu daga hukumar AFRINIC mai mazauni a tsibirin Moris, su riƙa juya shi tsakanin masu hulɗa da su. Mai kallon bidiyo ko aika saƙo bai san ma an canza masa lamba ba, domin shi ne ke fita neman wasu. Mai sabar kuwa shi ake zuwa nema. A gari irin Damagaram, inda wuta kan yi ta kai da komowa a lokacin zafi, lambar na iya canzawa fiye da sau ɗaya a mako.

Maganin shi ne a daina raba lamba, a raba suna. A lungunan Birni baƙo ba ya neman gida da lamba, sai ya ce gidan wane, yaro ya raka shi. Intanet ma tana da irin wannan ɗan rakiya, ana ce masa DNS, aikinsa fassara suna zuwa lamba. Nau'in da ke bin lamba mai sauyawa shi ne DDNS, wanda akwatuna masu rubutun Faransanci ke nunawa da `DNS dynamique`. Wata 'yar manhaja a gida tana sanar da mai riƙe da sunan lambar da gidan ke kai a yanzu, shi kuma ya gyara rajista.

Ɗalibin zai iya buɗe suna kyauta a DuckDNS, misali `karatunbirni.duckdns.org`. Za a ba shi wani dogon mabuɗin sirri da aka rubuta wa `token`. Idan kwamfutar tana aiki da Linux, sai ya buga `crontab -e` ya ƙara layi ɗaya, ya sa mabuɗinsa a gurbin `TOKEN`:

```
*/5 * * * * curl -s "https://www.duckdns.org/update?domains=karatunbirni&token=TOKEN&ip="
```

Layin na aika sanarwa duk minti 5. An bar gurbin `ip=` babu komai da gangan, don mai riƙe da sunan ya karanta lambar da saƙon ya fito daga gare ta. In aka gwada umarnin da hannu, amsar `OK` na nufin an karɓa, `KO` kuma na nufin akwai kuskure a suna ko a mabuɗi. Daga nan abokai su share tsohon adireshi su adana `http://karatunbirni.duckdns.org:8080`. Idan lamba ta sake canzawa, hanyar kan yanke na 'yan mintoci, kafin sanarwa ta gaba ta isa. Wanda bai son rubuta umarni zai iya duba akwatinsa, da yawa suna da gurbin No-IP a ciki. Sai dai sunan kyauta na No-IP yana buƙatar a tabbatar da shi duk kwana 30, wanda ya manta kuwa zai wayi gari sunan ya daina aiki. Mabuɗin sirrin kuma ba abin turawa rukunin WhatsApp ba ne, domin duk wanda ya same shi zai iya karkatar da sunan zuwa na'urarsa.

Akwai inda wannan dabara ba ta da amfani sam, kuma ya fi kyau a gano haka kafin a ɓata yini. Saboda ƙarancin lambobi, kamfanoni da yawa, musamman masu ba da intanet ta katin salula, suna haɗa gidaje masu yawa a bayan lamba guda, tsarin da ake kira CGNAT. Haka ma Starlink ke yi wa masu rajistar gida ta yau da kullum. A irin wannan hali suna zai nuna lamba daidai, amma lambar ta kamfanin ce, baƙon da ya zo ba a san gidan da za a kai shi ba. Gwajin yana da sauƙi. A shiga shafin akwatin a karanta lambar da ke gaban `WAN`, sannan a buga wannan a kwamfutar:

```
curl -4 https://api.ipify.org
```

In lambobin biyu sun zo ɗaya, gidan na da adireshin da ake iya isa daga waje, DDNS zai yi aiki. In sun bambanta, musamman in ta akwatin ta faɗo tsakanin `100.64` da `100.127` ko ta fara da `10.`, to akwai wani shinge a gaba. Wani lokaci shingen akwati na biyu ne a cikin gidan, shi ma sai an buɗe masa ƙofa. In na kamfani ne, sai dai a tambaye su ko suna ba da `IP publique`, wanda galibi ake biya masa kuɗi daban, ko kuma kowane aboki ya saka manhaja irin Tailscale ko ZeroTier da ke haɗa na'urori ba tare da buɗe ƙofa ba.

Ko bayan an kafa suna, hanya na iya sake yankewa, kuma umarnin `nslookup karatunbirni.duckdns.org` ne ke raba gardama. In lambar da ya nuna ba ta dace da ta gidan a yanzu ba, sanarwar ce ta tsaya. In ta dace amma ba a shiga, a duba cikin gida: bayan ɗaukewar wuta akwatin kan ba kwamfutar wata lambar ciki daban, misali daga `192.168.1.20` zuwa `192.168.1.23`, ƙofar 8080 kuma ta ci gaba da nuni ga tsohuwar. Sai a keɓe wa kwamfutar lamba tsayayya a sashen `DHCP` na akwatin. A yi gwajin ƙarshe da intanet ta salula bayan an kashe wifi, domin wasu akwatuna ba sa barin na cikin gida ya shigo ta sunan waje, ko da komai na tafiya daidai ga abokan Maraɗi da Yamai.