Takardar wakilci: wane iko take ba wakili, kuma yaushe take daina aiki?

Yawancin Hausawan da ke neman abinci a wata ƙasa sun bar wani abu a gida da sai da hannunsu yake motsi: gidan haya, fili, asusun banki ko kason gado. Da yake ba kullum ake samun halin tafiya ba, sai a rubuta wa wani takardar wakilci, wadda a ofisoshin ƙasashen da ke aiki da Faransanci ake kira furokirasiyon. Rigima takan taso ne daga baya, idan wakili ya ɗauka an ba shi ikon da ba a ba shi ba, ko mai dukiya ya zaci ya janye ikon alhali takardar tana nan tana aiki.

A Kamaru, Chadi, Nijar da wasu ƙasashen da Faransa ta mulka, ƙa'idojin wakilci suna cikin kundin dokar mu'amala da suka gada, wanda asalinsa na shekarar 1804 ne, daga aya ta 1984 zuwa ta 2010. Yankunan Kamaru masu amfani da Ingilishi, kamar Najeriya da Ghana, tsarin shari'ar Ingila suke bi, saboda haka wannan bayani bai shafe su kai tsaye ba.

Abin da takardar take nufi

Aya ta 1984 ta bayyana wakilci a matsayin ikon da mutum yake ba wani ya yi masa wani abu a madadinsa kuma da sunansa. Muhimmin abu a nan shi ne sunan. Duk abin da wakili ya sa wa hannu cikin iyakar ikonsa, tamkar mai dukiyar ne ya sa hannu da kansa, kuma shi zai ɗauki nauyinsa. Sai dai dukiyar ba ta koma ta wakili ba. Wanda aka wakilta kula da gida bai zama mai gida ba, ko da takardun gidan sun shekara ashirin a akwatinsa. Wannan bai yi nisa da abin da malamai suke karantarwa a babin wakala na littattafan fiƙihu ba.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa ɗan asalin Garwa da ke zaune a Injamena. Yana da gida a Garwa mai ɗakunan haya shida, kowane ɗaki sefa dubu 10 a wata. Ya rubuta wa ƙanensa takarda cewa ya wakilta shi ya kula da duk harkokinsa na Garwa. A kunnen mai ji, wannan magana ta haɗa komai. A wurin doka kuwa ba haka ba ne.

Wakilci na gaba ɗaya da na takamaiman aiki

Doka ta raba wakilci gida biyu: na gaba ɗaya, wanda ya shafi dukkan harkokin mutum, da na takamaiman aiki ɗaya ko wasu ayyuka da aka lissafa. Aya ta 1988 ta ce wakilcin da aka rubuta da kalmomi na gaba ɗaya ikon gudanarwa kawai yake bayarwa. Da irin wannan takarda, ƙanen zai iya karɓar sefa dubu 60 na haya kowane wata, ya ba da rasit, ya gyara rufin da ke yoyo, ya biya haraji da kuɗin ruwa. Amma ba zai iya sayar da gidan ba, ba zai iya jinginar da shi don karɓar bashi ba, ba zai iya kyautar da shi ba. Duk abin da zai fitar da dukiya daga hannun mai ita sai an ambace shi ƙarara a cikin takarda.

To idan ƙanen ya wuce gona da iri ya karɓi kafin alƙalami daga wani mai son sayen gidan fa? Aya ta 1998 ta ce abin da wakili ya yi fiye da ikonsa ba ya hawa kan wanda ya wakilta shi, sai in ya amince da shi daga baya. Amincewar tana iya kasancewa da baki ko a rubuce, tana kuma iya fitowa daga aikin mutum. Idan yayan ya san kuɗin cinikin gida ne aka aika masa, ya karɓa ya kashe bai ce uffan ba, zai yi masa wuya ya tsaya gaban alƙali ya ce bai yarda da cinikin ba.

Idan kuma da gaske yana son a sayar, sai ya yi wata takarda ta musamman. A cikinta za a rubuta cikakken sunan kowannensu da lambar katin shaidarsa, da unguwar da gidan yake, da lambar takardar mallakar fili wadda aka fi sani da titir fonsiye, da mafi ƙarancin farashin da ya yarda da shi, misali sefa miliyan 12. Ya kamata kuma a fayyace ko wakili yana da ikon karɓar kuɗin a hannunsa, ko kuwa asusun mai gida za a zuba su. Wannan layi guda yakan hana rigimar da ke raba 'yan uwa.

Inda ake yin takardar

A ƙa'ida wakilci yana ƙulluwa ko da wasiƙa ce, har ma da baki, amma na baki yana da wuyar tabbatarwa ranar da aka yi musu. Don ƙananan ayyuka, kamar karɓo takarda daga wani ofis, yawanci ya isa mutum ya rubuta ya kai a buga hatimin tabbatar da sa hannunsa a ma'aikatar magajin gari ko ofishin 'yan sanda. Wannan hatimi yana shaida cewa sa hannun na mai shi ne kawai, ba ya shaida cewa abin da aka rubuta ya dace da doka.

Maganar fili da gida daban take. A Kamaru, dokar filaye ta ranar 6 ga Yulin 1974 ta wajabta a yi cinikin fili mai rajista a gaban noter, wato jami'in da hukuma ta naɗa don rubuta yarjejeniyoyi da ajiye asalinsu. Cinikin da ba a yi a gabansa ba ɓatacce ne. Shi ya sa noter yakan nemi takardar wakilcin ma ta kasance wadda wani noter ko ofishin jakadanci ya yi. Ga ɗan kasuwar da ke Injamena, hanya mafi sauƙi ita ce ya fara tuntuɓar noter ɗin Garwa da zai yi cinikin, ya ji irin takardar da zai karɓa, kafin ya kashe kuɗi a kan wadda za a dawo masa da ita. Bankuna su ma galibi suna da fom nasu na wakilci, kuma sukan nemi samfurin sa hannun wakili.

Wanda ake ba wa, da abin da ke wuyansa

Ba dole ba ne wakili ya zama ɗan uwa ko lauya, kuma namiji ko mace duk ana iya wakilta su. Wakilcin ba ya ƙulluwa sai ya yarda, kuma fara aikin ma yarda ce. Doka ta ɗauke shi a matsayin aikin kyauta, sai in an yi alkawarin lada, amma kuɗin da wakili ya kashe daga aljihunsa saboda aikin dole a mayar masa.

Babban abin da ke wuyan wakili shi ne ba da lissafi. Aya ta 1993 ta wajabta masa bayyana yadda ya gudanar da aikin da kuma miƙa duk abin da ya karɓa. Hayar shekara guda ta gidan Garwa sefa dubu 720 ce. Idan ƙanen ya ce ya kashe dubu 200 wajen gyara da haraji, sai ya nuna shaidar hakan, ya kawo dubu 520. Haka kuma aya ta 1596 ta hana wakili ya sayi abin da aka ba shi ya sayar, ko da ta hannun wani ya bi. Idan kuma ya miƙa aikin ga wani ba tare da an ba shi wannan izini ba, ɓarnar da wancan ya yi tana wuyansa.

Yaushe take ƙarewa

Mutane da yawa suna zaton takardar wakilci tana mutuwa da kanta bayan shekara guda. Kundin bai yanka mata wa'adi ba. Idan an rubuta ranar ƙarewa, ranar ce iyakarta. Idan ta aiki ɗaya ce, tana ƙarewa da kammala aikin. Idan babu ko ɗaya, tana nan da ƙarfinta har sai wani abu da doka ta ambata ya faru, ko da yake banki ko noter na iya neman sabuwa idan suka ga ta tsufa. Aya ta 2003 ta lissafa waɗannan abubuwa: mai wakilci ya janye, wakili ya ajiye aikin, ɗayansu ya rasu, kotu ta hana ɗayansu sarrafa dukiyarsa saboda taɓin hankali, ko ɗayansu ya karye har ya kasa biyan bashin da ke kansa.

Janyewa haƙƙin mai dukiya ne a duk lokacin da ya ga dama, kuma yana da ikon tilasta wa wakili ya dawo da takardar. Amma a nan ne ake yawan yin kuskure. Aya ta 2005 ta ce idan wakili kaɗai aka sanar, janyewar ba ta aiki a kan waɗanda suka yi hulɗa da shi ba su sani ba. Idan yayan ya kira ƙanensa a waya ranar 1 ga wata ya ce ya sauke shi, bai gaya wa 'yan haya ba, su kuma suka biya ƙanen ranar 5, to sun biya ke nan. Ba za a sake tambayarsu ba, sai dai yayan ya bi ƙanensa. Don haka janyewa tana bukatar sanarwa a rubuce ga wakili, da banki, da 'yan haya, da noter ɗin da ya yi takardar.

Rasuwa ma tana kawo ƙarshen wakilci nan take. Daga ranar da mai gida ya rasu, gidan da kuɗin asusunsa sun zama na magada, kuma wakilin da ya je ya cire kuɗi da tsohuwar takarda bayan ya sami labari, ko da don hidimar jana'iza ce, ya yi aiki ba da iko ba. Rangwamen da aya ta 2008 ta yi shi ne ga wanda bai sani ba: abin da ya yi kafin labarin ya iso masa yana nan daram. Idan magada suna son ƙanen ya ci gaba da karɓar hayar, sai su rubuta masa sabuwar takarda da sunansu.